Babi na Bakwai: Kantin Aji, Wasan da Ke Koya wa Yara Tanadi da Kasafi

Kantin aji wasa ne da ake shirya wa 'yan aji biyar da aji shida na firamare, inda ake kafa ƙaramin shago a kusurwar aji, a ba yara kuɗin takarda na wasa, su tsara yadda za su kashe, su yi sayayya, su kuma ajiye abin da ya rage. Ana yawan haɗa shi da darasin lissafi, domin akwai tarawa da ɗebewa da ba da canji a cikinsa. Sai dai lissafin ba shi ne ginshiƙin wasan ba. Yaro mai shekara goma ko sha ɗaya da ake aika cefane kullum ya daɗe da sanin canjin naira ɗari biyar. Abin da bai saba da shi ba shi ne a ba shi kuɗin da ba za su ishe shi duk abin da yake so ba, a ce ya zauna ya rubuta yadda zai raba su tun kafin ya ga kaya, sannan mako mai zuwa ya tarar da sakamakon abin da ya zaɓa yana jiransa.

Saboda haka wasan yana tsaye ne a kan abu biyu: ƙarancin kuɗi da wucewar lokaci. Idan kuɗin sun yi yawa, babu kasafi, sayayya ce kawai. Idan kuma aka fara wasan aka gama a darasi ɗaya, babu tanadi, domin babu wani gobe da za a ajiye wa. Duk sauran tsarin da za a bayyana a nan an gina shi ne don kare waɗannan sharuɗɗa biyu.

Kayan aiki da rabon aji

Tsarin da ya dace da ajin gwamnati mai yara sittin shi ne a raba su gida-gida, gida goma, kowane gida mutum shida. Ba a ba kowane yaro kuɗinsa shi kaɗai, domin layin mutum sittin a gaban shago ɗaya zai cinye darasin baki ɗaya. Rabon gida yana da wata fa'ida kuma: yana tilasta gardama. Yaro shi kaɗai yana iya sayen alawa bai yi wa kowa bayani ba, amma a cikin mutum shida sai ya kawo dalili.

Kowane gida yana da ayyuka shida. Akwai shugaba mai yanke magana idan an kasa daidaitawa, da ma'aji mai riƙe kuɗi, da marubuci mai riƙe littafin gida, da ɗan aike mai zuwa shago, da mai duba lissafi wanda ke ƙirga canji idan an dawo. Na shida yana barin gidan ya tafi aikin kasuwa na ranar. Gida goma ke nan sun ba da ma'aikata goma: uku-uku a shaguna biyu, biyu a teburin ajiya, biyu kuma su zama masu binciken kasuwa. Wasan yana ɗaukar mako shida, darasi ɗaya a mako, kuma ana juya ayyukan kowane mako, ta yadda kafin a gama kowane yaro ya taɓa kowane aiki. Wannan juyawa ba ado ba ce. In an bar yara su zaɓa da kansu, manyan maza ne ke kame kujerar mai shago da ta ma'aji, 'yan mata da ƙananan yara su zama 'yan kallo, alhali sau da yawa yarinyar da ke talla bayan makaranta ta fi kowa a ajin saurin ba da canji.

Kayan shago ba sa buƙatar ko sisi. Gwangwanin madara da na tumatir da aka gama da su, kwalin ashana, kwalin sabulu, robar ruwa, ƙullin yashi a leda a matsayin gero ko masara, duk yara ne ke kawo su daga gida. Kowane kaya ana liƙa masa farashi da manyan lambobi. Ba a sa abinci na gaske. Alawa ta gaske guda ɗaya a kan tebur ta isa ta rusa kasafin gida goma, kuma tana jawo kuka da zargi.

Kuɗin wasa ana yanka su ne daga farar takarda, takarda ɗaya ta ba da guda takwas. Kada a ɗauki hoton naira ta gaske a buga. Doka ta hana kwaikwayon takardar kuɗin ƙasa, kuma ba abin da za a koya wa yaro ba ne. Ya isa a rubuta adadin da manyan lambobi, a shafa wa kowane aji na kuɗi launinsa, malami ya sa hannu a baya ko ya buga hatimin makaranta. Sa hannun nan dole ne, domin a mako na biyu ko na uku za a sami mai wayon da ya yanko takarda a gida ya rubuta 500. Ana amfani da aji huɗu kawai: 50, 100, 200 da 500. Albashin gida na mako naira 1,000 ne, kuma ana ba da shi a haka: 500 guda ɗaya, 200 guda ɗaya, 100 guda biyu, 50 guda biyu. Takardu shida ke nan ga kowane gida, sittin ga aji. Da yake wasu kuɗin za su kwanta a ajiya, wasu kuma shago zai riƙe don canji, ana yin ninki uku, wato takardu 180, abin da bai wuce fallen takarda 23 ba.

A makarantun Jamhuriyar Nijar ana yin haka da sefa, kuma can akwai ƙarin darasi a ciki, domin a baki ana ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya sefa biyar. Yaro zai ga 100 a rubuce ya ce dala ashirin. Yana da kyau a rubuta farashin da lambobin da ke jikin kuɗi, a bar ciniki ya gudana da harshen kasuwa.

Tsara farashi

A nan ne wasan ke gyaruwa ko ya lalace, kuma aikin malami ne shi kaɗai, da daddare, da biro da takarda, kafin yara su ga komai. Ba lalle ne farashin ya zama na kasuwar yau ba, domin wannan yana canzawa kafin zangon karatu ya ƙare. Abin da ake nema shi ne daidaiton da ke tsakanin lambobin.

Kayan shago kashi uku ne. Kashi na farko su ne na dole, waɗanda kowane gida zai saya kowane mako: hatsi 300, cefane 200, ruwa da sabulu 100, littafi da fensir 100. Jimla 700. Abin da ya rage daga albashi 300 ne, kuma a kan wannan 300 ɗin ne duk wasan yake. Kashi na biyu su ne kayan marmari masu araha: alawa 50, lemo 100, ƙaramar ƙwallo 150. Kashi na uku shi ne babban kaya guda ɗaya ko biyu da ba wanda zai iya saya da albashin mako ɗaya, misali fitila mai aiki da hasken rana a kan 1,200. An zaɓi wannan adadi da gangan: rarar mako huɗu ce cif. Idan babban kayan ya yi araha har ana iya sayensa a mako na biyu, ba a koyi haƙuri ba. Idan ya yi tsadar da ko an ajiye komai ba za a kai ba, yara za su gane haka da wuri, domin sun iya lissafi, su watsar da tanadin su koma kan alawa, kuma suna da gaskiya.

Akwai kuma tayin sari da ake rubutawa a gefen allo tun ranar farko ba tare da an ja hankali a kansa ba: hatsin mako huɗu a dunƙule 1,000, maimakon 1,200 in an saya mako-mako. Ana barin yara su gano shi da kansu.

A ƙarshe malami yana ɓoye abu biyu da zai fito da su a tsakiyar wasa. A mako na huɗu kowane gida zai karɓi katin larura: zazzaɓi ya kama yaro, magani 400. A mako na biyar farashin hatsi zai tashi daga 300 zuwa 400 ya tsaya a nan. Tun ranar farko ana sanar da aji cewa larura na iya zuwa kuma farashi na iya motsawa, sai dai ba a faɗi yaushe ko nawa ba. Wannan sanarwa ita ce ke raba darasi da zalunci. Yaron da aka gargaɗa ya yi sakaci ya koyi wani abu. Wanda aka yi wa kwanton ɓauna abin da ya koya kawai shi ne malam ya cuce shi.

Yadda darasi ɗaya ke gudana

A darasi na minti arba'in, minti biyar na farko na biyan albashi ne, ma'aji ya ƙirga a gaban mutanen gidansa. Minti goma na biye na kasafi ne, kuma a lokacin shago a rufe yake, an lulluɓe kayan da zane. Marubuci yana buɗe sabon shafi ya ja layi huɗu: abin da ya shigo, na dole, na marmari, na ajiya. Dole jimlar ukun ƙarshe ta yi daidai da na farko. Sai mai binciken kasuwa ya duba ya sa hannu kafin ɗan aike ya tashi. Akwai ƙa'ida ɗaya da ke da muhimmanci ƙwarai: ɗan aike yana bi ta teburin ajiya tukuna ya zuba abin da aka ware, sannan ya wuce shago. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya rage bayan sayayya, yawanci ba abin da ke ragewa. Wannan shi ne sirrin adashi ma: ana fitar da zubi ne tun kafin kuɗin su shiga hidima.

Kasuwa tana ci minti sha biyar. Mai shago na farko yana karɓar kuɗi, na biyu yana miƙa kaya, na uku yana rubuta abin da kowane gida ya saya. A teburin ajiya ana rubuta kuɗi a wuri biyu, a littafin tebur da kuma littafin gida, kowanne da sa hannu.

Minti goma na ƙarshe na rufe lissafi ne, kuma shi ne sashen da malamai suka fi tsallakewa idan ƙararrawa ta kusa. Bai kamata a tsallake shi ba. A makon farko an raba naira 10,000. Idan aka cire canjin da aka ba shaguna da safe, cinikin shaguna biyu, da abin da ke teburin ajiya, da abin da ya rage a hannun ma'ajai, dole su koma 10,000 daidai. Ana rubuta wannan a allo kowa yana gani. Idan aka sami 9,950, akwai takardar 50 a ƙarƙashin benci ko a aljihun wani. Idan aka sami 10,500, jabu ta shigo. Idan kuɗin sun cika amma littafin shago bai yi daidai da su ba, an yi kuskuren canji, kuma littattafan gidaje za su nuna inda aka yi shi. Yaran da suka ga naira hamsin ta ɓata aka bi sawunta har aka gano ta sun fahimci amfanin rubutu fiye da duk bayanin da za a yi musu.

Gida uku, hanya uku

Ga misalin yadda lambobin ke tafiya, da gidaje uku da za a kira Gidan Tsamiya, Gidan Kuka da Gidan Ɗorawa.

Gidan Tsamiya sun yanke shawara tun farko cewa fitila suke so. Amma don kowa ya ji daɗi, sun amince a sayi alawar 50 kowane mako, a ajiye 250. Bayan mako uku suna da 750 a ajiya. A mako na huɗu katin larura ya zo. Rarar makon 300 ce, magani 400, sai suka ciro 100 daga ajiya suka cika, saura 650. Ba su ci bashi ba, ba su rage abinci ba. A mako na biyar hatsi ya tashi, rara ta koma 200. Suka daina alawa, suka ajiye 200 ɗin duka, suka kai 850. A mako na shida suka ƙara 200, suka tsaya a 1,050. Fitila 1,200 ce. Saura 150.

Idan marubucin gidan ya koma shafukan baya, zai tarar da 150 ɗin nan a rubuce: alawar mako na ɗaya, ta biyu da ta uku. Malami ba ya buƙatar cewa komai. Tambaya ɗaya ta isa: ina 150 ɗin ta shiga? Kuma ya kamata a yi musu adalci a gaban aji. Gidan Tsamiya ba su faɗi ba. Sun bi ta larura da tsadar hatsi ba su nemi taimakon kowa ba, kuma mako ɗaya kacal ya rage musu su kai ga fitila. Kuskurensu shi ne sun yi kasafi kamar kowane mako zai zama irin na farko.

Gidan Kuka sun kashe rararsu duka a makonni ukun farko: lemo, ƙwallo, alawa. A mako na huɗu suna da 300 a hannu, magani 400. Shago ya ba su bashin 100, aka rubuta a littafi. A mako na biyar, daga rarar 200 suka biya bashin, suka ajiye 100 a karon farko. A mako na shida suka ƙara 200, suka gama da 300. Irin wannan gida ne yawanci ke fitowa daga wasan da darasi mafi zurfi, muddin ba a mai da su abin dariya ba. Abin da ya dace a nuna wa aji shi ne makonsu biyu na ƙarshe: da kuɗi kaɗan, a lokacin tsada, sun biya bashi kuma sun fara ajiya.

Gidan Ɗorawa su ne suka lura da rubutun gefen allo. Sun ajiye 300 a mako na ɗaya, 300 a na biyu. A mako na uku suka karɓi albashi, suka biya sauran kayan dole ban da hatsi, wato 400, ya rage 600. Suka haɗa da 600 na ajiya, suka sayi hatsin mako huɗu a kan 1,000, ajiyarsu ta sauko zuwa 200. A ranar sauran gidaje sun ɗauka sun yi wauta. A mako na huɗu ba su da hatsin saya, don haka rararsu 600 ce. Suka biya magani 400, suka ƙara 200, ajiya ta zama 400. A mako na biyar da na shida tsadar hatsi ba ta shafe su ba, suka ajiye 600 sau biyu, suka gama da 1,600. Sun sayi fitila, da saura 400.

Wannan 400 ɗin ta cancanci a tsaya a kanta a allo. Gidan da ya ajiye kowace naira amma bai yi sari ba zai gama da 1,200 cif. Bambancin ya fito daga wuri biyu: 200 daga rangwamen sari, 200 kuma daga tsadar da suka tsallake. Rangwamen sun lissafa shi, hikimarsu ce. Tsallake tsadar kuwa sa'a ce, domin ba su san hatsi zai tashi ba. Yaran da iyayensu ke noma ko kasuwancin hatsi sun san cewa wanda ya cika rumbu da tsada gab da kaka yana iya wayar gari farashi ya karye. Idan za a maimaita wasan a zango na gaba, yana da kyau wannan karon farashi ya sauka, don kada aji ya tafi da tunanin cewa sari ba ya taɓa faɗuwa. Akwai kuma abin da misalin ke nunawa a fili: sai mai 1,000 a hannu ne ke samun araha. Gidan Kuka ko sun ga tayin ba su da halin karɓa.

Kuɗin ruwa, rowa da zumunci

Wasu daga cikin irin wannan wasa da aka tsara a ƙasashen waje suna ba mai ajiya ƙarin kuɗi a kan ajiyarsa don ƙarfafa masa gwiwa. A makarantar da iyayen yara Musulmi ne, wannan kuɗin ruwa ne, kuma uba yana da hujja in ya zo ya yi magana. Ba a ma buƙatarsa. Tayin sari ya riga ya nuna cewa ajiya tana haifar da amfani. Malamin da ke son ƙari yana iya barin gidaje su zuba jari a shago, a ƙarshen wasa a raba ribar da aka samu gwargwadon abin da kowa ya zuba, in an faɗi kuma a raba faɗuwar. A kan irin wannan tushe na raba riba ne bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ke karɓar wasu ajiyoyi, kamar bankin Jaiz da ya fara aiki a Najeriya a 2012. Bashin shago ma haka: ana biyan abin da aka karɓa ne ba ƙari, sai dai gidan da ake bi bashi ba ya sayen kayan marmari har sai ya biya.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Idan aka ce gidan da ya fi tara kuɗi shi ne zakara, nan da nan wani gida zai gano cewa hanya mafi sauri ita ce a daina sayen sabulu da littafi. Abin da aka koyar a nan rowa ce, ba tattali ba. Shi ya sa mai binciken kasuwa ba ya sa hannu a kasafin da ya tsallake kayan dole. Shi ya sa kuma ba a fitar da zakara ɗaya. Ana yaba gida ne a kan littafinsa ya yi daidai, a kan ya cika abin da ya rubuta, a kan ya fita daga bashi. Wasu malamai suna ƙara katin zumunci, na suna ko biki a maƙwabta, inda gudummawa ta zama zaɓi. Gardamar da ke biyo bayan wannan kati tana da daraja, domin a gidajen da yaran suka fito gudummawa da sadaka sashe ne na kasafi, kuma wanda ya kai wa wani yau shi ake kai wa gobe.

Abu na uku shi ne kunya. A aji ɗaya akwai yaron da ke zuwa da kuɗin tara kullum, akwai wanda bai karya ba. Kada a tambayi yaro nawa ake ba shi a gida, ko ko iyayensa suna ajiya. Albashin wasa ɗaya ne ga kowa, kuma magana tana tsayawa a kan gidan wasa.

Alkawarin malami da iyakar wasan

A 2013 Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka sun wallafa wani gwaji da suka yi da ƙananan yara 28. An yi wa kowane yaro alkawarin kawo masa kayan zane masu kyau in ya jira. Rabinsu an cika musu, rabi kuma an dawo an ce babu. Daga nan aka ajiye wa kowa alawa ɗaya, aka ce in ya jira za a ƙara masa ta biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3. Yaran ƙanana ne, ba su kai na aji biyar ba, kuma adadinsu kaɗan ne, amma abin da gwajin ke nunawa ya shafi kantin aji kai tsaye: yaro yana jira ne idan ya yarda cewa abin da ya jira zai zo. Idan littafin ajiya ya ɓata a mako na uku, ko aka ɗage wasan saboda jarabawa ba a sake komawa ba, ko aka canza farashin fitila ranar ƙarshe, aji ya koyi cewa wanda ya cinye nasa da wuri shi ne mai wayo. Malamin da ba shi da tabbacin mako shida gara ya tsara na mako huɗu ya cika shi. Kuma ko da fitilar kwali ce, ya kamata gidan da ya saye ta ya sami wani abu na zahiri, kamar fensir ga kowa ko damar zaɓar wasan da aji zai yi ranar Juma'a.

Bai kamata kuma a ɗora wa wasan abin da ba zai iya ba. A Ghana, masu bincike James Berry da Dean Karlan da Menno Pradhan sun gwada shirye-shirye biyu na koyar da harkar kuɗi a makarantu 135 na firamare da ƙaramar sakandare, ɗaya daga ciki shi ne shirin Aflatoun. Sun tarar cewa ajiyar da yara ke yi a makaranta ta ƙaru, amma ba su ga wani canji a zo a gani a ilimin kuɗi na yaran ko a ra'ayinsu game da ajiya ba. Darasi a aji yana iya samar da wuri da al'adar ajiya na ɗan lokaci. Ba ya ƙara wa gida kuɗin shiga, kuma ba ya sauya hali cikin mako shida. Abin da kantin aji ke iya bayarwa ƙarami ne amma tabbatacce: yaro ya taɓa rubuta kasafi da hannunsa, ya taɓa ware ajiya kafin sayayya, ya taɓa bin sawun kuɗin da suka ɓata a littafi.

Ana iya auna wannan ba tare da jarabawa ba. A ɗauki littattafan gidaje a kwatanta shafin mako na ɗaya da na shida: shin jimlar kasafi tana daidai da abin da ya shigo, shin abin da aka saya ya yi daidai da abin da aka rubuta, shin gyare-gyare da goge-goge sun ragu. Bayan mako biyu da gama wasa, a ba kowane yaro shi kaɗai sababbin lambobi, albashi 800, kayan dole 600, abin da ake so 700, a tambaye shi mako nawa zai ɗauka. Wanda ya ce huɗu ya iya lissafi. Wanda ya ce huɗu in ba a sami larura ba, ya yi wasan.

Wasu makarantu sukan so su wuce daga kuɗin takarda zuwa karɓar ajiyar gaske daga hannun yara. Wannan wani al'amari ne daban, mai buƙatar yardar iyaye a rubuce, da amincewar shugaban makaranta, da wurin ajiya da ba aljihun malami ba. Inda waɗannan ba su cika ba, a tsaya ga takarda, a bar ajiyar gaske ta kasance a asusun ƙasa ko gwangwani a gida, a hannun uwa.